Taguwar Modu da Saƙon Maraba

Ƙungiyar dillalan dabbobi ta Gure ta buɗe gurup na WhatsApp don cigiya: wanda dabbarsa ta ɓata ya sa hotonta da shaidar da ke jikinta, wanda ya gan ta a rijiya ko a kasuwa ya faɗa. Cikin wata guda gurup ɗin ya cika da gaisuwar Juma'a, tallar maganin basir da hotunan jarirai.

Mushe Tukur, tsohon malamin lekol, wato makarantar boko, kuma sakataren ƙungiyar, shi ne admin. Da ya shigar da sababbin makiyaya daga Alakos da Kelle, sai ya rufe gurup ɗin, ya zama admin kaɗai ke iya aika saƙo. Ya ce ba zai buɗe ba sai an rubuta saƙon maraba mai bayyana manufa da dokoki, domin baƙi ba sa ganin abin da aka rubuta kafin shigowarsu, kuma bai yarda su fara da rashin tarbiyya ba.

A makon nan taguwar Modu, wato raƙumarsa, ta ɓata. Ita kaɗai ce mai nono a garkensa, ɗanta kuma bai isa yaye ba. Modu na cikin waɗanda aka shigar. Ya nemi ya aika hoton, ya tarar babu wurin aikawa. Ya hau motar kasuwa daga Alakos ya zo Gure.

Ya samu Tukur a biron ƙungiyar, wato ofishinta, tare da Sha'ibu, mataimakin shugaba, suna kan layin farko na saƙon.

"Sunan shugaba ya kamata ya fara zuwa," in ji Sha'ibu. "Sannan na mataimaki. Manufa ai ba ta gudu."

"A Faransanci manufa ke gaba."

"Su wa za su karanta Faransancin, Mushe? Raƙuman?"

Modu ya yi sallama, ya miƙa salularsa. A hoton ana ganin jar taguwa mai shaidar ƙarfe a cinyar hagu, kunnenta ɗaya a tsage.

"Allah Ya bayyana, Baba Modu," Tukur ya ce. "Da an buɗe, kai ne na farko."

"Mushe, an ce kai kana iya sawa ko a rufe."

"Ina iyawa. Amma ka duba. Mutum ya shigo gurup, abin da zai fara gani cinyar raƙumi? Ba maraba, ba doka?"

"Gobe kasuwar Gidigir. In ɓarawo ne, can zai kai ta."

"Ka ji ko?" Sha'ibu ya juya ga Tukur. "Ya kamata a sa doka a kan zargi. Kada kowa ya ce ɓarawo sai da hujja."

Tukur ya rubuta wannan, ya yaba. Aka ba Modu shayi. Ya kwana gidan wani ɗan'uwansa, da safe ya shiga daji wajen rijiyoyin da yake tsammani, yana tambayar mutane baki da baki kamar yadda ake yi kafin a san salula.

Kasuwar Gidigir ta ci ta watse. A biro an daidaita: sunan shugaba a sama, na mataimaki a ƙasa da shi, Hausa da Faransanci duka biyu, kuma Tukur zai karanta da murya saboda waɗanda ba su yi lekol ba. Saƙon ya fita, aka maƙala shi a saman gurup. Bayan sunayen, ga abin da ya ce:

"Barka da zuwa. An kafa wannan gurup don cigiyar dabbobi kawai. Ban da talla, ban da siyasa, ban da gaisuwar Juma'a. Ban da zargi ba hujja. Wanda dabbarsa ta ɓata ya sanar a ranar da ta ɓata, da hoto da shaida."

Saƙo ne mai kyau, babu kuskure ko ɗaya a ciki. Aka buɗe gurup, mutane suka yi ta aiko da "Madalla" da "Allah Ya ƙara basira, Mushe". Hoton taguwar ya shigo a tsakiyarsu.

Idirisa, wani dillali a Gidigir, ya amsa da murya. Ya ce ya ga taguwar ranar kasuwa, har ya duba haƙoranta. Wani baƙo ne ya kawo ta, nononta a cike, ba ɗa a bayanta. Abin ya ba shi shakka, ya duba gurup bai ga cigiya ba, sai ya ƙyale. Kafin la'asar an ɗora ta a kamiyo, babbar motar kaya, an yi kudu da ita.

Sha'ibu ne ya yi magana, shi ma da murya, cikin natsuwa.

"Allah Ya mayar da alheri, Baba Modu. Amma ƴan'uwa, wannan darasi ne. Doka ta ce a sanar a ranar da dabba ta ɓata. A riƙa kiyayewa."

Tukur ya sa masa alamar babban yatsa. Can ƙasa, cikin ƙananan haruffa, gurup ya nuna cewa Modu ya fita.