Alli a Hannun Hagu

Tun da ciwo ya shanye wa Malam hannun dama, alli ya koma hagu. Yau shugaban sashe ya zauna a bayan aji, ya ga ko Malam zai ci gaba da aiki.

Malam ya tambayi ɗalibai: "Wace lamba ce, in an ninka ta sau 7, aka raba da 31, 4 ke ragewa?"

Ya rubuta, layin yana gangarawa: 31 = 4×7 + 3, sannan 7 = 2×3 + 1. Ya bi sawu baya: 1 = 9×7 − 2×31.

"Ashe 9 ce ke warware 7. Tara sau huɗu 36, a cire 31, saura 5. Ku gwada min, ni ma ban yarda da kaina ba."

Wani ɗalibi ya ce, "Biyar sau bakwai talatin da biyar, Malam. Huɗu ta rage!"

Malam ya juyo yana haki. Kujerar shugaban babu kowa. Ofishin Malam kuwa tun jiya aka ba wani.