Rabin Miya a Babbar Tukunya

Tun da 'ya'yan Ramatu uku suka tafi cirar auduga a garin Hajj Abdalla, sai ta koma yin rabin miyar weka, wato ta busasshiyar kuɓewa: rabin garin kuɓewa, rabin ruwa, rabin gishiri. Amma kullum gishirin sai ya yi yawa.

Raihana, matar babban ɗanta, ta ɗanɗana, ta dubi murhu.

"Inna, awonki daidai yake, tukunyar ce. Ruwa kaɗan a tukunya mai faɗi saurin ƙonewa yake yi, gishirin kuwa yana nan. Ki ɗora ƙaramar."

Ramatu ta ƙara ruwa ludayi biyu, ta juya, ta lasa. Miya ta daidaita.

"Na sani," ta ce. "Bar min abata. Ba na so su dawo su tarar hannuna ya saba da ƙarama."