Gaisuwar Mutuwa a Motar Alhaji Surajo

Shekara bakwai na yi ina aiki da Malam Mahfuzu a Keita, kuma in na ce ya cuce ni na yi ƙarya. Mutum ne dai mai ɗan karen tsantseni, irin wanda zai tsayar da kai rabin awa a rana yana nuna maka yadda ake riƙe albasa. Tsohon malamin gona ne, da ya bar aikin furoje, wato shirin raya karkara, sai ya buɗe ɗan kamfanin irin albasa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tace irinsa, yana zubar da duk wadda ta yi fari ko ta rabu biyu, har ya samu jar albasa mai jure ajiya, wadda manoman Madawa ke rububinta.

Sirrin abin kuwa yana cikin wani kwari. Albasar iri ba ta son maƙwabta. In akwai wata albasa mai fure a kusa, ƙudan zuma za su yi ta kai da kawowa tsakaninsu, iri ya gauraye, aikin shekaru ya tashi a banza. Shi ya sa Malam ya nemo wani kwari a bayan duwatsu, inda ba mai noman albasa ko ɗaya, ya ba wani dattijo, Baba Alƙasim, da matarsa Goggo Tabawa amanar uwayen irin. Ko direban da ke kwaso buhuna a bakin hanya yake tsayawa, a kawo masa a amalanke. Ni kaɗai nake shiga, na ci tuwon Goggo, na kwana a zaurensu.

A kontarata, takardar yarjejeniyar aikina da Malam, akwai layi biyu da ban taɓa damuwa da su ba. Na farko ya ce in na bar aiki, ba ni ba sana'ar iri a duk faɗin Nijar har shekara goma. Na biyu ya ce ba zan faɗa wa kowa inda ake noman uwayen iri ba, ko sunan masu nomansu, ina aiki ko na bari. Da Alhaji Surajo na Madawa ya kira ni, ya nuna mini ofis mai fanka da kujera mai juyi, sai na ba Malam sanarwa yadda doka ta ce, na cika kwanakina, na tafi. Alhaji ɗan kasuwa ne, irinsa daga kasuwa yake tattaro shi ya zuba a leda mai hoto. Ya ce mini layin farkon nan ko kotu aka je ba ya tsayawa. Layi na biyun bai ko ambata ba, ni ma ban tuna masa ba.

Wata guda da komawata wurin Alhaji aka yi mini waya cewa Baba Alƙasim ya rasu. Duk ɗan ƙasarmu ta Adar ya san ba a cin tuwon gida shekara bakwai a ƙi zuwa gaisuwa. Ina neman babur ɗin haya sai Alhaji ya ji.

"Sha'aibu, mutuwa anka yi, ka tahi bisa moto? Tashi mu je, ni ka kai ka. Ni ma in samu lada."

Na san ba lada kaɗai yake nema ba. Tun a lokacin na sani, kuma wannan ne abin da ke ci na har yau. Amma sai na hango kaina ina fitowa daga gaban babbar mota a garin da suka saba gani na da ƙura har gira, na ji daɗi ya kama ni, na shiga.

Muka yi gaisuwa, Alhaji ya yi addu'a mai tsawo, Goggo daga bayan labule tana ta sa albarka. A hanyar dawowa, mun hau tudu ke nan, ya rage gudu ya dubi garkar da ke ƙasa, da rumbunan da uwayen albasa ke ciki.

"Wanga wuri da kyawo shike. Mi su ka nomawa nan?"

Da na ce dawa, da an wuce wurin. Amma wata guda ina zaune a kujera mai juyi ba wanda ya tambaye ni komai, ina son a san ni ma na san wani abu. Na buɗe baki na zuba. Na faɗa masa nan ne uwar irin Malam Mahfuzu take, na faɗa masa dalilin zaɓen kwarin, har da wane maƙwabci ne ke da rijiya mai ruwa. Sai ya ƙara wa rediyo murya.

Bayan damina, maƙwabtan Goggo uku suka dasa albasar iri ta Alhaji, jifa ɗaya daga garkarta. Yana son ya rubuta a ledarsa cewa daga kwarin Keita irinsa ya fito. Malam ya kai ƙara wurin sufeton aiki a Tawa, aka aiko mini da takardar kira.

Sufeton mace ce, Madam Rahila, mai magana a hankali kamar tana auna gero. Ta fara da bayyana mana cewa nan wurin sulhu ne, in ba a daidaita ba za ta rubuta hakan a takarda, mai so ya wuce kotun aiki. Sannan ta ɗauki kontarar ta karanta layin farko, ta cire tabarau.

"Malam Mahfuzu, wanga layi ba shi tsayuwa. Ba ka iya rufe ma mutum sana'atai shekara goma, ƙasa duka. Da mi za shi ci da iyali nai? Abin da ya koya wurinka, na hannu da na kai, nashi na, shina iya aiki da shi inda ya ga dama."

Na gyara zama, har da ɗan murmushi. Allah ya sani, na dubi Malam ta gefen ido kamar yaron da ya ci kokawa.

"Amma na biyun daban na," in ji ta, ta juyo gare ni. "Shi bai hana ka aiki ba, baki kawai ya ce ka riƙe. Kuma barin aiki ba ya kwance shi. In kai ka hwaɗi wurin, ka saɓa, kuma kotu na iya sa ka biya ɓarnar. Shi ma wanda ya amfana da asirin shina da tashi amsa, amma wannan ba nan za a yi ta ba. Sai dai mai ƙara shi ka kawo shaida. Malam, mi gare ka?"

Malam ya fita ya shigo da Goggo Tabawa. Ba ta daɗe da fita takaba ba, ta rame, ta yi tafiyar nan duka a motar kasuwa. Da ta gan ni sai fuskarta ta saki, ta tambaye ni yara da sunansu ɗaya bayan ɗaya. Na amsa ina kallon siminti.

Madam ta tambaye ta ko ta ga na kawo Alhaji Surajo.

"Tare sunka zo, ɗiyata, gaisuwa sunka zo. Yaron ga bai taɓa barin mu ba. Ran da anka yi rasuwa, kahin kwana ukku shina ƙohwar gida."

"Kin ji ya yi maganar albasa?"

"Ban jiya ba. Addu'a kawai nij ji."

Sai Madam ta dube ni. "Sha'aibu, ka hwaɗa ma sabon maigidanka abin da a ka nomawa can?"

Fanka na juyawa, zufa na bin bayana. Mu biyu ne a motar nan, kuma Alhaji ba zai tona kansa ba. Na ce, "Gaisuwa ta kai ni, Madam. Shi ma yana da ido." Ban rantse ba, kuma har na yi wa kaina murnar hakan, kamar rashin rantsuwa zai wanke ƙaryar.

Malam ya daɗe yana kallo na. Madam ta ce masa zuwa gaisuwa a motar wani ba shaida ba ce mai ƙarfi, amma hanyar kotu a buɗe take in yana so. Ya girgiza kai, ya ce ba zai ja tsohuwa zuwa kotu ba. Aka rubuta sulhu: ya janye layin farko, ni kuma na sake sa hannu cewa zan riƙe sirrin kamfani. Na sa hannu a kan riƙe abin da na riga na zubar, ban ko yi jinkiri ba, kuma wannan ma kunya ce.

Alhaji ya saya mini tsire a hanya, ya ce na yi ƙoƙari. Na ci.

Da sanyi ya fara ja baya albasa ta yi fure a kwarin, ta Goggo da ta maƙwabta, fari fat har gindin dutse. Zuma kuwa ba ta san kontara ba. Malam bai karɓi irin shekarar ba, don ba zai sa sunansa a kan gauraye ba. Ya kwashe 'yan uwayen da suka rage a ajiya ya kai wani wuri, wanda har yau ban sani ba, kuma ba zan sani ba. Garkar da ta riƙe gidan Baba Alƙasim shekara goma sha ɗaya ta koma garka kamar ta kowa.

Sai da na yi wata biyu ina cewa gobe, sannan na hau babur na tafi. Na bar shi tun daga bakin gari na ƙarasa a ƙasa. Na tarar da Goggo a tsakar gida tana murza busassun kawunan fure a faifai, baƙin iri na zuba. Za ta sayar a kasuwar ƙauye, a gwangwanin tumatir, ga duk wanda bai damu da abin da zai tsiro ba. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, ta sake tambayar yara.

Na shirya magana tun daga Madawa, amma da na buɗe baki sai "Goggo" kawai ta fito.

"Sha huranka," in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Goggo, a Tawa, abin da na ce..."

"Abin da nig gani shi nih hwaɗi, Sha'aibu. Ita ba ta tambaye ni abin da nis sani ba." Ta hure ƙaiƙayin da ke faifan. "Marigayi ya ɗauke ka ɗa. Ba ni son a ce bakina na ya kai ɗan Alƙasim kotu, ga shi ko shekara bai yi cikin ƙasa ba."

Na riƙe ƙwaryar, na kasa kai ta baki, na kasa ajiye ta. Tun ranar da muka yi sulhu nake zaton na ruɗi mutum uku a ofishin nan, ashe ko mutum ɗaya ban ruɗa ba. Na ce mata zan koma wurin Malam in faɗa masa gaskiya, abin da zai yi da ita ya yi.

"Ka tahi, shi ya hi. Amma iri ya riga ya garwaye." Ta tattara faifan ta miƙe da ƙyar, hannu a gwiwa. A bakin ɗaki ta tsaya ta waiwayo. "In na mutu ka zo gaisuwa, ban hana ka ba. Amma ka zo kai ɗaya."