Ƙugiyoyin Nibaldo

Tun ina budurwa nake sa wa ƙugiya koto a wannan gaɓar. Mu mata ba ma hawa teku. Muna zaune a rumfa muna tsire gutsuren kifin sadin a ƙugiyoyin da ke jere jikin igiya, a biya mu gwargwadon yawan ƙugiya. Da haka na raini ɗana Nibaldo bayan teku ta cinye ubansa.

Ranar da ƙungiyar masunta ta zauna, mu an bar mu a bakin ƙofa, don ba mu da ƙuri'a. Yasna, jami'ar binciken kifi, ta zana tudu a allo da alli.

"Nan ƙasa yawan ƙugiyar da kuke zubawa ne, nan tsaye kuma kifin da kuke fitarwa. Kowane ɗigo shekara guda ce. Da fari in an ƙara ƙugiya kamu na ƙaruwa, har a kai ƙololuwa. Iyakar abin da kifin zai iya mayarwa da haihuwa ke nan duk shekara. In aka wuce nan, iyayen ake kwashewa."

Don Aliro, shugaban ƙungiya, ya taso da tumbinsa ya dangwala yatsa a ɗigon bana, ya ja shi hagu har kan wani tsohon ɗigo.

"Yarinya, ba tsayinsu ɗaya ba? Abin da muka kama bana shi iyayenmu suka kama. To ina gobarar?"

Aka bushe da dariya.

"Tsayinsu ɗaya, Don Aliro. Amma su suna hawa ne, ku kuna gangara. Ƙugiyarku ta ninka tasu sau uku, kifin kuwa ɗaya. Wannan kifin mazaunin duwatsun nan ne, in ya ƙare ba wani da zai zo daga waje ya cike muku."

Wallahi ban yi boko mai nisa ba, amma na gane zancenta. Ai ni nake tsire ƙugiyoyin.

Wani ya ce, "In mun rage fa?"

"Kamu zai fara faɗuwa tukuna. Za ku ji jiki shekaru kafin kifin ya farfaɗo. In kuka ƙara, baɗi za ku ga kamar an samu, sannan ya rufta."

"Wato mu kwana da yunwa don kifi ya yi aure!" in ji Don Aliro.

Aka ce a ɗaga hannu, ko a rage ƙugiya rabi, ko a ƙara. Hannuwa suka zo kunnen doki, saura Nibaldo da ya sunkuyar da kai. Ya san rabin ƙugiya rabin aikina ne, kuma idan aka tashi sallamar mata, mu tsofaffi masu sanyin hannu za a fara kora. Ya ɗago ya dube ni a bakin ƙofa. Na girgiza masa kai, nufina kada ya zaɓa don ni. Ja'irin yaro, taurin kan ubansa ya ɗauko. Ya ɗaga hannu a ƙara.

A hanya na tare shi.

"Wa ya aike ka?"

"Mama, me za ki ci? Zanen alli?"

"Baɗin waccan fa, uban me za mu ci?"

"Mu ga baɗin tukuna."

Shekarar farko kifi ya zo, ba laifi. Na tsire koto har yatsuna suka tsage. A bikin Waliyyi Bitrus, majiɓincin masunta, Don Aliro ya yi ta tsokanar Yasna, wai ina tudun nata. Ita kuwa sai ta ɗauki kifi ɗaya daga kwando ta gwada shi da tafin hannunta. Bai ma isa haihuwa ba.

Daga nan abu ya fara zamewa. Kamu ya ragu, sai suka ƙara igiya don su cike giɓin, ya sake raguwa. Kwale-kwale suka riƙa nausawa nesa, suna ƙona mai a banza. Maƙwabtanmu biyu suka sayar da injinsu suka tafi haƙar tagulla a arewa. Tsoro ya hana ni sakat. Kullum da hantsi ina tsaye a gaɓa ina leƙen kwandunan da ake saukewa.

Jiya Nibaldo ya dawo da rana tsaka. Shi kaɗai ya ɗauko kwandon kifin da hannu ɗaya. Ya dire mini kwandon igiya a rumfa, na jawo kujera zan fara aiki kamar kullum.

"Bar shi, Mama."

"In bar shi gobe ka fita da me?"

Ya ɗaga igiyar ya nuna mini. Ƙugiya bayan ƙugiya, sadin ɗin da na tsire yana nan yadda na sa shi, ruwa kawai ya sha ya yi fari.

"Ba sai kin sa wani ba," ya ce. "Babu kifin da ya taɓa shi."