Jan Baba Gwaji

Manajanmu ya ce shi kallo ɗaya yake yi wa zane ya gane wanda ke cin albashin banza. A taron safe ya faɗa, yana tsaye ƙarƙashin satifiket ɗinsa bakwai da ya jera a bango. Ɗaya daga ciki na zuwa taro ne kawai, na karanta.

Zanen da yake magana a kai kuwa ni nake yin sa. Kamfaninmu ƙarami ne, manhajar ajiye bayanan marasa lafiya muke haɗa wa asibitoci. Da ɗaukar waya na fara aiki, sauran a bidiyo na koya, da datata. Muna da allo mai gida huɗu: Jira, Rubutawa, Gwaji, An gama. Kowane aiki kati ɗaya ne, yana tafiya daga gida zuwa gida. Kullum ƙarfe huɗu sai in ƙirga katunan kowane gida in zuba a kwamfuta, ita kuma ta jera su launi kan launi, kwanaki suna tafiya dama. Kore a ƙasa, aikin da aka gama. Ja a kansa, Gwaji. Sai shuɗi, sai ruwan toka. Kaurin launi a kowace rana shi ne yawan katunan da ke zaune a gidan a ranar. Shi ke nan ilimin. Manaja ya ce kwana biyar ya yi a otal yana koyon sa.

Ja ne ya kumbura. Sati uku da suka wuce kati huɗu ne, yanzu ashirin da uku. Mutum ɗaya ke gwaji a wurinmu, dattijo ne, Baba Gwaji muke ce masa. Shi ke danne-danne har sai ya kamo inda manhaja ke ba mara lafiya ɗaya sunan wani.

"Ga shi nan ja wur," in ji manaja, yana buga bango da biro. "Hajiya za ta zo ƙarfe biyu. Ke, buga min takardar sallamar Baba, ki bar wurin sa hannu."

Hajiya ita ce mai kamfanin. Baba yana zaune a wurin, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Na buga takardar. Sau uku ina kuskure a kwanan wata.

Da aka fita cin abinci na same shi a teburinsa.

"Baba, ba ka ci komai ba."

"'Yata, wanda za a kora ai sai ya fara koyon azumi."

"Katunan nan ashirin da uku, duk suna hannunka?"

"Huɗu ne a hannuna. Je ki duba kusurwarsu."

Na je allon. A kusurwar kati goma sha tara akwai ɗan rubutu da fensir, kwanan wata ne, ƙanana kamar ƙafar kiyashi. Ashe duk katin da ya gama gwadawa sai ya rubuta ranar. Ni kullum ƙirga nake yi, ban taɓa karantawa ba.

"To me ya hana su wucewa?"

"Hatimi. Tun da manaja ya dawo daga kwas ɗin otal ya sa aka sassaƙa masa. Ya ce kati ba ya shiga An gama sai ya buga masa da hannunsa."

"Ka faɗa masa sun taru?"

"Sau biyu. Ya ce kada in koya masa tsari."

Allon ba shi da gidan masu jiran hatimi, sai suka zauna a Gwaji, ni kuma na yi ta shafa musu ja da sunan Baba. Ƙarfe ɗaya da kwata ta yi. Na cire katunan na baza a tebur, na bi kwanakin fensir ɗaya bayan ɗaya, na raba ja gida biyu tun daga sati uku baya. Wanda ake gwadawa ya zauna ja, mai jiran hatimi na ba shi rawaya. Firinta ta cinye takardar farko. Na roƙe ta da Allah, ta ba ni ta biyu. Ban sa bayanin launuka a gefe ba, lokaci ne ya ƙure, ba mugunta ba. Galibi dai.

Hajiya ta shigo biyu da minti biyar, ta ajiye jaka da makullin mota a tebur. Manaja ya tura mata takardar sallama da biro, ya haska tsohon zanen a bango. Ya yi minti goma yana Turanci. Baba yana kujerar bakin ƙofa, hannuwa a kan gwiwa.

"Ni ku yi min magana yadda zan gane," in ji Hajiya. "Ke mai zanen, me kumburin nan yake nufi?"

Na tashi na nuna zanen. "Hajiya, idan launi yana faɗi, abin da ke shiga gidan ya fi abin da ke fita. Dubi gefen sama na ja, yana hawa yadda ya saba, kati biyu a rana. Gefen ƙasa ne ya kwanta. A kwana goma sha biyar na aiki talatin sun shiga, goma sha ɗaya suka fita."

"Abin da na faɗa ke nan," in ji manaja.

Na ce, "Inda aiki ya taru yake nunawa. Ba ya faɗin wanda ya tare hanya."

"A waya ta koya, Hajiya," ya ce, yana murmushi. "Muna ƙarfafa mata gwiwa."

Hajiya ta cire murfin biro. Na ji Baba ya gyara zama. Na miƙa mata sabuwar takardar, sai manaja ya riga ta karɓa.

"Wannan kuma fa?"

"Zane ɗaya ne, ranka ya daɗe. Na ɗan ƙara launi."

Ya riƙe ta nesa da fuska, ya lumshe ido ɗaya. Ja ya koma siriri, kati huɗu, wata rana biyar, kaurinsa ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Rawaya kuwa ta fara kamar zare ta ƙare kamar bakin rariya.

"To," ya ce. "To. Ai ka ga amfanin zurfafa bincike, dama ina shirin sa ta yi hakan. Ja lafiyarsa ƙalau. Hajiya, dubi rawayar nan, sha tara. Nan ne cutar take. Wanda ke riƙe da wannan sashe bai san ma ana jiran sa ba. Irin su ne ke kashe kamfani."

"Ja lafiyarsa ƙalau?" Hajiya ta tambaya.

"Ƙalau."

Ta mayar da murfin biro, ta ninke takardar sallamar biyu ta tura cikin jaka. Baba ya sauke numfashi, har nan na ji.

"Wane ne mai rawaya?" ta ce da ni.

"Katunan da Baba ya gama ne, Hajiya. Hatimi suke jira."

"Hatimin wa?"

Manaja ya sake duba takardar, wannan karon kusa da fuska. Sannan ya taɓa aljihun kwat ɗinsa na dama, inda hatimin ya ɗan turo yadi.