Maki Ɗaya

Shekara goma sha tara Abdulƙadir ya yi yana jagorantar alhazan Chadi da Nijar a Mina. Faransancinsa na kunne ne, a bakin mahaifinsa ya tsince shi a unguwar Nakkasa ta Makka tun kafin a rushe gidansu. Da shi yake raba faɗa a tanti, da shi yake nemo tsohuwar da ta ɓace. Bana kamfanin da yake wa aiki ya ce babu mai zama tafinta sai ya ci jarrabawar Faransanci a rubuce.

Ƙanwar matarsa, Ramlatu, ta yi makaranta a Damagaram, don haka kullum bayan la'asar yakan je wurinta a unguwar Rusaifa ta koya masa.

"Yaya, ba a cewa il faut que vous venez," in ji ta. "Veniez ake cewa. Ai ko da Hausa ba ka cewa dole kuna zuwa, sai dole ku zo. In akwai dole, ko shakka, ko buri, aikatau sauya kama yake yi."

"Shekarun nan duk da nake cewa venez, zuwa suke yi."

"Takarda ba alhaji ba ce, Yaya."

Ya haddace. Je doute qu'il soit là, ina shakkar yana nan. Je veux que tu prennes, ina so ka ɗauka. A mota yake maimaitawa, har direba ya ɗauka tasbihi yake yi.

Ranar jarrabawa ya cike guraben a hankali. Tambaya ta ƙarshe ita ce J'espère que vous, sai gurbi, sannan en bonne santé. Ina fata kuna lafiya. Fata ai buri ne. Ya sauya aikatau, ya rubuta soyez da ƙarfin zuciya.

Bayan kwana huɗu manajan kamfanin, wani mai suna Turki, ya kira shi ofis. Maki ɗaya ya rage masa ya ci.

"Ya Ammi, baffana, wallahi na san aikinka," in ji Turki, bai ɗago ido ba. "Amma sunayen sun riga sun tafi. Akwai gurbi a masu ɗaukar kaya, in kana so."

Abdulƙadir ya kai wa Ramlatu takardar jarrabawar. Ta duba, ta dafe kai.

"Êtes ne. Bayan espérer ba a sauyawa. Da souhaiter ne, da ka yi daidai. Na manta ban faɗa maka ba."

"Ba duka ina fata ba ne?"

"Duka ne."

"To me ya raba su?"

"Haka suke faɗa, Yaya."

Bai yi mata faɗa ba. Ya zauna a bakin kujera yana murza gwiwarsa ta hagu, wadda ta daɗe tana damunsa, yana tunanin hawan Jamrat da jakunkuna a kafaɗa. Da aka kira magariba ya nemi takalmansa. Washegari ya buga wa Turki waya ya ce a sa sunansa a masu ɗaukar kaya.