Gaisuwar da Muntari Ya Tura wa Mista Lin

Shekara shida Datti yana saya wa Mista Lin, ɗan Sin, riɗi a Gwarzo, amma Lin ko sunan Datti bai taɓa kira ba. Bana Muntari na Kabo ya shigo harkar, kuma wakili ɗaya Lin zai ɗauka.

Ranar sabuwar shekarar Sinawa, Datti ya tarar da Muntari a sito yana ta sauraron gaisuwarsu a waya, yana rubuta ta a bayan kwali yadda kunnensa ya ji: "Shin-niyen kwai-la." Ya raba ta gaɓa-gaɓa, ya ja kibiya inda murya ke hawa da inda take sauka.

"Malam Muntari, waƙa za ka koma?" in ji Datti.

"Gaisuwa ce, Alhaji. Kai ma gwada."

Datti ya yi tsaki. Sau huɗu Muntari yana ɗaukar muryarsa a waya yana gogewa, na biyar ya tura a guruf ɗin dillalai, wanda Lin ma yake ciki.

Ba a jima ba muryar Lin ta shigo, yana jan kowace gaɓa: "San-nu, Mun-ta-ri! Na go-de. Motata Kabo za ta zo."

Datti ya saurara har sau uku. Da Muntari ya fita alwala, sai ya ɗauki hoton kwalin a ɓoye.